Farin Mai a Farar Kwalba

Wata ranar Asabar cikin hunturu ƙanwata ta yi sallama a ƙofar ɗakina ɗauke da kwali. Ta ajiye shi a kan tebur, ta fito da kwalabe shida masu faɗin baki, kowace cike da man kaɗanyar da take haɗawa da hannunta. Sai ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini hoton wani man shafawa na ƙasar waje: farar kwalba a kan farin dutse, murfinta a jingine, man da ke ciki ya naɗe kamar rawani.

"Yaya, irin wannan nake so ka ɗaukar mini," in ji ta. "Nawa ya fi nasu kyau a jiki, amma duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar kitsen miya."

Na karɓi wayar na duba nata hotunan, na ga ba ta yi ƙarya ba. Man ya fito toka-toka, shafe, ba tudu ba kwari, kwalbar kuma ta yi wani kumburi kamar za ta faɗo wa mai kallo. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, abin sha'awa ne da nake taɓawa in na taso daga ofis. Amma kuɗin adashinta na shekara guda ne ta zuba a cikin wannan kwali, saboda haka na ce ta bar mini su zuwa gobe. Abin da na koya daga wannan rana zuwa ƙarshen bazarar da ta biyo baya shi nake so in ba ku labari, domin ya sauya yadda nake kallon kowane hoton man shafawa da ya gifta ta gabana.

Matsala ta farko ita ce fari. Na'urar ɗaukar hoto, ko ta waya ce ko babba, ba ta san abin da ke gabanta ba. Tana auna hasken da ya shigo ne, ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. In ka cika mata ido da farin mai a farar kwalba a kan farin tebur, sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage shi, farin ya koma ruwan toka. Maganin abin mai sauƙi ne. A waya, ka taɓa kwalbar a kan allo, ka ja 'yar alamar ranar nan sama. A babbar na'ura kuwa ka kai ma'aunin haske kan +1, wato ka ninka hasken sau biyu, ko ka ɗan wuce haka. Sai dai akwai iyaka. In ka zarce, farin zai ƙone, ya zama fili fetal wanda babu komai a cikinsa, kuma abin da ya ƙone a hoto ba ya dawowa ko da wane irin gyara. Alamar da nake dubawa ita ce gefen bakin kwalbar: muddin ina iya rarrabe inda man ya ƙare da inda kwalbar ta fara, ban wuce gona da iri ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ainihin sirrin aikin. Mai kallon hoto ba zai iya sa yatsa ya taɓa ba. Laushi da kauri da santsi duk abubuwa ne na hannu, amma dole ido ya ji su a madadinsa. To ido ba shi da hanyar gane kauri sai ta inuwa. Ku tuna yadda bangon laka yake da tsakar rana, shafe kamar allo, sannan ku tuna shi da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta sauko ta doke shi ta gefe, har sawun yatsun magini ya fito ɗaya bayan ɗaya. Bangon bai sauya ba, inda haske ya fito ne ya sauya. Ƙanwata tana ɗaukar hotunanta ne da fitilar waya, ko a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da ke tsakiyar rufi. Hasken da ya zo daga gaba ko daga sama kai tsaye yana cike kowane ɗan kwari, ya kashe inuwa, shi ya sa manta ya koma kamar fenti.

Washegari da hantsi na kashe duk fitilun ɗakin, domin hasken ƙwai da na taga ba launinsu ɗaya ba, in suka haɗu sai rabin kwalba ya yi rawaya rabi ya yi shuɗi. Na jawo tebur kusa da taga, na rataya farin mayafi marar kauri a jikinta don ya tace ranar. Na ajiye kwalbar yadda hasken zai zo mata daga gefe, ya ɗan karkata ta baya, kusan daidai da tsayin bakinta. Nan take saman man ya farka. Kowane ɗan tudu ya sami gefe mai haske da gefe mai inuwa. Da na ga inuwar ta yi duhu da yawa a ɗaya ɓangaren, sai na tsayar da farin kwali a can, kimanin taƙi ɗaya daga kwalbar, ya riƙa mayar da haske. In na matso da shi inuwar ta yi sanyi, in na janye ta yi ƙarfi. Da wannan kwali kaɗai nake sarrafa yadda man zai bayyana, ko mai nauyi ko mai sauƙi.

Naɗin da ake gani a saman mai kuwa da bayan cokali ake yinsa. A fara shafe saman ya daidaita, a dasa bayan ƙaramin cokali kusa da gefe, sannan a juya kwalbar da ɗaya hannun, cokalin yana tsaye yana matsowa tsakiya a hankali, a ɗaga shi sau ɗaya a ƙarshe don ya bar ɗan tsini. Kwalba ake juyawa, ba cokali ba. Sai da na ɓata sau goma sha wani abu kafin hannuna ya faɗa. A nan ne kuma na lura cewa naɗin ba ado ba ne kawai, shaida ce. Mai mai kauri yana riƙe gefen naɗinsa da kaifi, tsininsa ya tsaya cak. Mai ruwa-ruwa kuwa kafin ka ɗauki na'ura ya kwanta. Macen da ta saba da man shafawa tana karanta wannan a hoto ba tare da ta san tana karantawa ba, kamar yadda mai sayen nono take gane kindirmo daga tsala tun ludayi bai kai bakinta ba. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Kumburin kwalbar shi ma na gano dalilinsa. Idon waya na yau da kullum mai faɗi ne, in ka kusanto da shi sai abin da ke kusa ya yi girma fiye da kima, gefunan kwalba su karkace. Na ja baya kamar kamu biyu, na danna 2x, na sauko da wayar yadda za ta leƙa cikin kwalbar kaɗan ba tare da ta rasa gabanta ba. Gefunan suka miƙe.

Saura abin da ƙanwata ta kira "kamar na masu kuɗi". Na daɗe ina kallon hoton da ta nuna mini ina neman inda tsadar take, sai na ga ba a cikin abin da aka sa take ba, a cikin abin da aka hana shiga take. Kwalba ɗaya ce, launi biyu, inuwa ɗaya, sauran duk fili. Mu kuwa mun taso da ganin wadata a cikin cika: jeren kwanonin ɗakin amarya, shagon da kaya suka kai rufi. Ita ma da ta zo taya ni sai ta fara jera furannin roba da sarƙa da madubi a bayan kwalbar. Na bar ta ta gama, na ɗauka, sannan na kwashe komai na sake ɗauka, na ajiye mata hotunan biyu gefe da gefe. A na farko ido yana yawo, bai san me ake sayarwa ba. A na biyu ba shi da wurin zuwa sai kan man. Fili a hoto yana cewa mai kayan ba ya gaggawa, kuma ba ya tsoron a ƙura wa kayansa ido. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Gwangwanin Nivea ya koma shuɗi da farin rubutu tun 1925, kuma har yau launi biyun nan ne ake gane shi da su daga nesa.

Amma fili yana da tsada irin tasa, domin ba ya rufa wa kowa asiri. A hoton da babu komai sai kwalba, ƙwayar ƙura ɗaya tana zama dutse. Ga shi hunturu ne, kana gogewa tana sauka. Sawun yatsa a jikin murfi mai sheƙi, takardar suna da ta karkace da kaurin farce, ɗan man da ya shafi bakin kwalba, duk sai da na koyi dubawa kafin in danna. Na riƙa goge kwalba da ƙyallen goge tabarau, ina kama ta da tsumma, ina faɗaɗa hoton a allo bayan kowace ɗauka. Rabin abin da muke kira alfarma a irin waɗannan hotuna tsafta ce kawai da haƙuri.

Da yamma na tura mata hotunan. Ta kira ni tana murna, sannan ta ce, "Yaya, abu ɗaya ne. Nasu fari ne tas, nawa ya yi ruwan madara. Ba za ka ɗan ƙara masa fari ba?"

Man kaɗanyar da ba a tace ba launinsa ke nan, tsakanin ruwan madara da rawaya mai haske, da ɗan ƙamshin hayaƙinsa. Wanda ake gani fari fat an tace shi ne a masana'anta, an cire masa launi da ƙamshi. Na san haka, kuma na san abin da take taƙama da shi ke nan, cewa nata daga hannun matan ƙauye yake zuwa. Duk da haka na ja launin, na rage rawayar har ya yi fari. Aikin minti ɗaya ne. Na gaya wa kaina ai gyaran hoto ne, kowa yana yi.

Hotunan sun yi aiki. Kafin hunturu ya ƙare ta sayar da abin da ba ta taɓa sayarwa ba, har daga wasu garuruwa ake aiko mata. Wata ɗaya ko biyu sun tambaya me ya sa launin bai yi kamar na hoto ba, ta ba su haƙuri, aka wuce. Sai bazara ta shigo. A watan Afrilu ta aika kwalba arba'in ta tashar mota zuwa wata mai shago a Sakkwato. Bayan kwana biyu matar ta turo hoto: man ya sauka ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace kwalba babu komai, naɗin ya ɓace, saman ya yi tsaki-tsaki kamar an barbaɗa gero. A ƙarƙashin hoton ta rubuta cewa ba abin da ta gani ta saya ba ke nan, a zo a kwashe.

Ƙanwata ta rantse ba ta rage ko cokali ɗaya ba, kuma gaskiya ta faɗa. Mun zauna da ma'auni muka yi lissafi. Ita tana buga manta ne da injin buga ƙwai har ya tashi ya yi sakayau, kuma abin da ke tayar da shi iska ce. Kwalbarta mai cin mililita 250 ce. Da zallar mai aka narka aka zuba, da ta ɗauki wajen giram 225. Bugaggen kuwa da muka auna giram 150 ne ya cika ta har baki. Man kaɗanya yana narkewa ne a kusan zafin jikin mutum, dalilin da ya sa yake narkewa a tafin hannu ke nan. Bayan mota a watan Afrilu kuwa ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Da ya narke iskar ta fice, giram 150 ɗin nan ya koma ainihin girmansa, wajen mililita 165, wato kashi biyu cikin uku na kwalbar. Babu abin da ya ɓata sai iska, amma iskar ce na ɗauka a hoto.

Tsakin kuma daga yadda ya sake daskarewa ne. Kitsen da ke cikin man kaɗanya ba iri ɗaya ba ne, wani yana daskarewa kafin wani. In ya huce a hankali, kamar yadda zai yi a cikin kwali cikin dare, mai saurin daskarewar yana samun lokacin tattaruwa ya zama 'yan ƙwayoyi. Ba lalacewa ba ce, suna narkewa in an murza a fata. Amma wa zai gaya wa mai saye haka, alhali hoton ya yi mata alkawarin santsi?

Cikin ɓacin rai ta ce za ta bar kwalba mai faɗin baki gaba ɗaya, ta koma mai famfo, wadda ake dannawa mai ya fito. Ta ce ai ita ce ta fi kama da ta kamfani, kuma ba wanda zai buɗe ya ga ciki. Muka sayo guda biyu a kasuwar Sabon Gari muka gwada. Famfon yana da siririn bututu da ya sauka har gindin kwalba, kuma yana aiki ne in abin da ke ciki yana gangarowa ya cike gurbin wanda aka zuƙe. Man kaɗanya ba ya gangarowa. Dannawa uku ya yi rami a kewayen bututun, daga nan sai iska. Akwai wata irin kwalbar da ba ta da bututu, gindinta ne yake tasowa yana turo man sama, tana ɗaukar mai mai ɗan kauri, amma ita ma ba ta iya daskararren mai irin nata ba. A ranar na fahimci cewa siffar mazubi magana ce. Mai faɗin baki tana cewa abin da ke cikina mai kauri ne, sa yatsa ka ɗiba. Mai famfo tana cewa nawa mai gudu ne, kuma hannu ba ya shiga cikina. Tsaftar da ido yake ji in ya ga famfo tana da tushe, domin man da aka haɗa da ruwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga yatsu, ko da yake famfo ba ya ɗauke masa bukatar sinadarin da ke hana shi lalacewa. Amma zuba mai mai kauri a kwalbar mai gudu, ƙarya ce ta biyu a kan ta farko.

Daga baya, da ta koyi haɗa mai mai ruwa-ruwa na lokacin zafi, kwalba mai famfo ta sami gurbinta, ni kuma na sake komawa bakin taga. Ita wahalarta daban ce. Ba a ganin abin da ke ciki, ga jikinta mai sheƙi yana nuna duk abin da ke ɗakin, har ni da wayata. Farar kwalba a gaban farin bango kuwa gefunanta narkewa suke yi su ɓace. A nan baƙin kwali ne ya yi aiki: na tsayar da ɗaya a dama ɗaya a hagu, a wajen abin da hoto zai kama, sai kowanne ya bar siririn layi mai duhu a gefen kwalbar, siffarta ta fito. Na juya bakin famfon gefe, domin in ya fuskanci na'ura yana zama ɗan dunƙule marar fasali. Na kankare busasshen man da ke maƙalewa a bakinsa. Sannan, tun da ciki ba ya ganuwa, na danna sau ɗaya a kan farin tayil kusa da gindin kwalbar, na ja ɗigon da bayan cokali. Wannan ɗan jan shi ne ya faɗi kaurin man: inda ya yi tudu, inda ya siranta har tayil ya fara leƙowa ta cikinsa.

Kwalaben Sakkwato kuwa mun karɓo su, ta mayar wa matar kuɗinta har da na mota. Ribar hunturu kusan duk ta tafi a nan. Muka narkar da man gaba ɗaya har ya zama garau, ba sauran ƙwaya, muka zuba a ƙananan kwalabe ba tare da bugawa ba, muka sa a firji don ya daskare da sauri. Ya fito sumul, mai nauyi, ruwan madara. Ta yanke shawarar cewa bugagge na hunturu ne, zubabbe na bazara, kuma a jikin kowace takarda za ta riƙa rubuta nauyi da giram.

Na sake ɗaukar hoton. Taga ɗaya, mayafi ɗaya, farin kwali a gefe. Babu naɗi a wannan karon, domin zubabben mai ba ya naɗuwa. Na sa cokali na ɗebi sau ɗaya daga shafaffen samansa, na bar gurbin a buɗe, hasken gefe ya kwanta a cikinsa ya nuna santsin bangonsa. Kafin in ɗauka na ajiye farar takarda kusa da kwalbar, na daidaita launi da ita, don farin takarda ya zama fari, man kuma ya zama abin da yake. Ban taɓa rawayar ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hoton ya fi na farko kama da kayan tsada. A kan farin fili, ruwan madarar nan ya yi ɗumi, ya zama shi ne launi ɗaya tilo da ido zai sauka a kai. Abin da na goge da hannuna a karon farko ashe shi ne mafi daraja a cikin kwalbar.

Ban daina son waɗannan hotuna ba. Har yanzu ina tsayawa in kalli naɗin da aka yi da gwaninta, ko layin hasken da ya sauka a kafaɗar kwalba. Sai dai yanzu ina kallonsu da tambaya: daga ina hasken ya zo, me aka kwashe daga teburin, kuma wannan tsinin zai kai gidan mai saye a tsaye? Haske da inuwa da fili halal ne ga mai ɗaukar hoto, domin suna nuna abin da yake nan ne. Launin da aka sauya da kaurin da ba zai jure hanya ba kuwa bashi ne, kuma mai kayan ce za ta biya, ba mai hoton ba.

Kwanakin baya matar Sakkwato ta sake aikowa, kwalba ashirin. Da kayan suka isa ta turo hoto, ta buɗe ɗaya ta riƙe a hannu a ƙofar shagonta, cikin rana, ba mayafi ba kwali. Ƙanwata ta turo mini shi tare da nawa, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, duba, abu ɗaya ne."